Shafi Ashirin Cikin Shafi Ɗaya: Yadda Ake Taƙaita Maƙalar Hauhawar Farashi da Hausa

Wata 'yar ƙanwata da ke karatun tattalin arziki a jami'a ta zo mini bayan sallar isha'i da wasu takardu a hannu, ta ja wa kusan kowane layi jan biro. Malaminsu ya ba su wata maƙala ta Turanci mai kusan shafi ashirin a kan hauhawar farashi, ita kuma tana so ta mayar da ita shafi ɗaya da Hausa, don ta riƙa bita da ƙawayenta kafin jarrabawa. Ta ce, "Kawu, na taƙaita sau biyu, amma duk lokacin sai ya kai shafi shida. Komai na ciki ina ganin yana da muhimmanci." Na karɓi shafi shidan na karanta. Ba ta yi ƙarya ko ɗaya ba, ta bi maƙalar sakin layi bayan sakin layi, tana rage wa kowanne tsawo. Amma da na tambaye ta me marubucin ya gano, sai ta yi shiru tana juya takarda.

A nan mafi yawan ɗalibai ke ɓata. Suna ɗaukar taƙaitawa tamkar a matse kaya a buhu har ya shiga, alhali aikin ya fi kama da na mai sheƙar gero, wadda ke barin iska ta tafi da ƙaiƙayi don tsaba ta zauna a ƙwarya. Wanda bai san tsabar ba, ba zai iya sheƙa ba. Don haka kafin a rubuta kalma ɗaya, sai an gano ainihin abin da maƙalar ke da'awa, da hujjar da ta kawo, da inda hujjar ta tsaya.

Maƙalar da ke gabanmu

Maƙalar da aka ba su ta wani masanin tattalin arziki ce mai suna Gary Moser, wadda ta fito a 1995 a IMF Staff Papers, mujallar bincike ta Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Batunta shi ne manyan abubuwan da ke haddasa hauhawar farashi a Nijeriya. Sanin lokacin da aka rubuta ta yana taimakawa sosai. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fara shirin gyaran tattalin arziki, aka saki naira ta rage daraja ƙwarai. A 1993 da 1994 hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100 a shekara, a 1995 ta wuce kashi 70. Mutane suna ta muhawara a lokacin: wasu na cewa karya darajar naira ce ta jawo, wasu na cewa yawan kashe kuɗin gwamnati ne. Maƙalar ta shigo cikin wannan gardama ne da alƙaluma.

Na ce wa yarinyar ta ajiye jan biron, mu karanta maƙalar ba a jere ba. Mun fara da tsakure, wato ɗan gajeren bayanin da ke saman shafin farko. Daga nan muka tsallaka zuwa kammalawa a ƙarshe. Sai muka dawo kan jadawalin sakamako a tsakiya, sannan gabatarwa. Sashen da marubuci ke bitar ayyukan magabata shi muka bari ƙarshe, kuma kallo ɗaya muka yi masa. Dalilin wannan tsari a fili yake: maƙalar mujalla ba tatsuniya ba ce da za a ɓoye ƙarshenta. Marubucin ya riga ya faɗi abin da ya gano tun a tsakure, ya maimaita a kammalawa. Wanda ya riƙe wannan a kansa, idan ya shiga tsakiyar maƙalar ya san abin da yake nema. A shafi shidan da ta rubuta da farko, biyu cur sun tafi ne a kan abin da wasu masana suka faɗa kafin Moser, wanda a takardar bita layi ɗaya ya ishe shi.

Tambayoyi huɗu

Bayan wannan karatu na farko, sai na sa ta rufe maƙalar ta amsa tambayoyi huɗu da baki, da Hausa, kamar tana yi wa kakarta bayani. Me marubucin ya tambaya? Da me ya bincika? Me ya samu? Me ba za a iya cewa ya tabbatar ba?

Ta farko ba ta yi wuya ba: me ke sa farashi hawa a Nijeriya? Ta biyu ita ce ta ɗan ba ta wahala, saboda shafukan lissafi sun tsorata ta. Amma abin da ke ƙarƙashin lissafin mai sauƙin faɗa ne. Marubucin ya tattara alƙaluman shekaru masu yawa na farashi, da na yawan kuɗin da ke yawo, da na canjin naira, da na ruwan sama, ya auna yadda farashi ke motsawa idan kowannensu ya motsa, sauran kuma suna nan yadda suke. Takardar bita ba ta buƙatar fiye da haka a kan hanyar bincike, sai dai idan darasin na koyon lissafin ne kansa.

Amsar tambaya ta uku ita ce tsabar. Moser ya samu cewa ƙaruwar kuɗi, wadda yawan kashe kuɗin gwamnati ke turawa, ita ce ta fi bayyana hauhawar farashi a Nijeriya. Bayanta akwai faɗuwar darajar naira da kuma yanayin damina. Sai wani ƙarin bayani da ɗalibai kan tsallake: tasirin faɗuwar naira a kan farashi ya dogara ƙwarai da irin manufofin kashe kuɗi da na babban banki da ake bi a daidai lokacin. Wato idan naira ta faɗi gwamnati kuma na ci gaba da zuba kuɗi, wutar ta fi ruruwa. Wannan jimla ita ce ta haɗa ɓangarorin gardamar biyu, kuma takardar bitar da ta rasa ta ta zama jerin sunaye uku kawai marasa alaƙa.

Akwai wani abu da shafi ɗaya ya kamata ya ɗauka ko da maƙalar ba ta tsaya a kansa ba, saboda ta ɗauka masu karatunta sun sani. Shi ne hanyar da kowane dalili ke bi har ya isa kasuwa. Gwamnati ta kashe fiye da abin da ta samu, giɓi ya fito a kasafi, ta ciyo bashi daga Babban Bankin Nijeriya, kuɗi suka ƙaru a hannun jama'a, kaya kuwa ba su ƙaru ba, sai farashi ya tashi. Naira ta faɗi, duk abin da ake shigowa da shi daga waje, daga magani zuwa kayan gyaran mota, ya ƙara kuɗi. Damina ta gaza, hatsi ya yi ƙaranci a rumbu da kasuwanni irin su Dawanau, kuma da yake abinci ne ya fi nauyi a cikin kwandon kayan da ake auna farashi da su, sai ma'aunin gaba ɗaya ya ɗaga. Ɗalibin da ya riƙe waɗannan hanyoyi uku zai iya amsa tambayar jarrabawa ko da an juya ta.

Karanta jadawali ba tare da tsoro ba

Jadawalin sakamako shi ne wurin da ake tabbatar da cewa abin da marubuci ya faɗa da kalmomi yana da tushe. Abu uku kawai ake dubawa a kowane layi: alama, girma, da tauraro.

Alamar ragi a gaban adadi tana nufin abubuwan biyu suna tafiya a saɓa. Abin da ake sa rai a layin ruwan sama ke nan: ruwa ya ƙaru, farashi ya sassauta. A layin canjin kuɗi kuwa akwai tarko. Yawanci ana rubuta canji a matsayin naira nawa ke sayen dala ɗaya, saboda haka idan adadin ya hau, naira ce ta faɗi. 'Yar ƙanwata ta rubuta a taƙaitawarta ta farko cewa hawan darajar naira na ƙara farashi, wanda kishiyar maganar ce. Kafin a fassara wannan layi, a nemi inda marubuci ya faɗi yadda ya auna canjin.

Girman adadin kuma yana faɗin ƙarfin tasiri. Mu ɗauki misali na koyo kawai, mu ce wani jadawali ya nuna 0.3 a gaban kuɗi. A irin wannan lissafi ma'anarsa ita ce idan kuɗin da ke yawo suka ƙaru da kashi 10 cikin 100, farashi zai tashi da kusan kashi 3. A takardar bita wannan jimlar ake rubutawa, domin 0.3 tsura ba ya gaya wa mai bita komai bayan mako biyu. Sau da yawa ana ba da adadi biyu ga abu ɗaya, na gajeren zango da na dogon zango, domin kuɗin da aka zuba bana ba sa gama tasirinsu bana. Duk wanda ya kwafi adadi, to ya rubuta na wane zango ne, ya kuma sa lambar shafin da ya ɗauko shi.

Tauraro, ko wani adadi a ƙarƙashin na farko, yana nuna ko sakamakon na da ƙarfin da za a ce ba dace ba ne kawai. Layin da bai ci wannan gwaji ba, ba a shigar da shi cikin abin da aka gano. Idan ya zama dole a ambace shi, sai a ce binciken bai samu hujja mai ƙarfi a kansa ba.

Inda Hausar ke zamewa

Rubutawa da Hausa yana da wata fa'ida da ba kowa ya lura da ita ba. Da Turanci ɗalibi zai iya kwafe jimlar marubuci ba tare da ya fahimce ta ba, da Hausa kuwa dole ya fahimta kafin ya faɗa. Sai dai akwai wurare uku da maganarmu ta yau da kullum ke haɗe abubuwan da masana suka raba.

Na farko shi ne tsada da hauhawa. Tsada matsayi ce, wato inda farashi yake a yau. Hauhawa kuwa gudu ce, wato saurin da yake tashi daga bara zuwa bana. Mu ce mudun masara naira 1,000 ne shekaru biyu da suka wuce, bara ya koma 1,300, bana 1,560. Hauhawar bara kashi 30 ce cikin 100, ta bana kashi 20. Hauhawa ta ragu, amma masara ta fi kowane lokaci tsada. Wanda ya rubuta "farashi ya sauka" a nan ya ɓata maganar. Abin da ya faru shi ne saurin tashin ya ragu. Saukar farashi sai ranar da mudun ya dawo ƙasa da 1,560.

Na biyu shi ne kashi da maki. Daga kashi 30 zuwa kashi 20, ragin maki 10 ne. Idan aka ce ya ragu da kashi 10 cikin 100, mai karatu na iya lissafa kashi 10 na 30, ya ɗauka an koma 27. Kalmar maki ta kawar da wannan ruɗani, kuma ya kamata a riƙe ta daga farkon shafi zuwa ƙarshe.

Na uku shi ne ƙarfin magana. Masu bincike suna auna kalmominsu: suna cewa abu ya bayyana kaso mai yawa, ko yana da alaƙa, ko alƙaluma na nuni. Mai taƙaitawa cikin gaggawa sai ya mayar da duka "shi ne ya jawo". Moser ya ce ƙaruwar kuɗi ta bayyana babban kaso na hauhawar, bai ce ita kaɗai ba ce. Hausa tana da kalmomin da za su riƙe wannan awo: galibi, mafi yawa, yana da hannu, ya taimaka. A yi amfani da su daidai inda marubucin ya sassauta murya.

Shafin da muka fitar

Shafi ɗaya na rubutun hannu mai tsabta yana ɗaukar kalmomi kamar 250 zuwa 300. Mun raba shi tun kafin mu fara: layi biyu ga sunan maƙala, kaso mafi girma ga sakamako, sauran ga hanya da iyaka da kalmomi. Ga abin da ya fito.

Maƙala: Gary Moser, 1995, mujallar Asusun Ba da Lamuni na Duniya, a kan manyan dalilan hauhawar farashi a Nijeriya.

Tambaya: Me ya fi tura farashi sama a Nijeriya?

Hanya: Ya yi bitar binciken baya, sannan ya auna da alƙaluman shekaru yadda farashi ke amsa canji a yawan kuɗi, canjin naira da ruwan sama.

Sakamako na 1: Ƙaruwar kuɗi ce ta fi bayyana hauhawar, kuma galibi yawan kashe kuɗin gwamnati ne ke haifar da ita. Giɓin kasafi, bashi daga babban banki, kuɗi da yawa a kan kaya kaɗan.

Sakamako na 2: Faɗuwar naira na ƙara farashi ta hanyar kayan da ake shigowa da su. Girman tasirin ya dogara da manufofin kashe kuɗi da na babban banki a lokacin.

Sakamako na 3: Ruwan sama na da tasiri, saboda abinci ne ya fi nauyi a ma'aunin farashi. Damina mai kyau na sassauta hauhawa.

Matsayinsa: Ya ƙarfafa abin da binciken baya ya gano a kan kuɗi, ya kuma nemi kada a bar yanayin damina a waje idan ana nazarin farashi a Nijeriya.

Iyaka: Alƙaluman sun tsaya a farkon shekarun 1990. Na ƙasa baki ɗaya ne, ba na jiha ko kasuwa ɗaya ba.

Kalmomi: Tsada matsayin farashi ce, hauhawa saurin tashinsa ce. Hawan adadin canji faɗuwar naira ce.

Ra'ayina: Shin rashin tsaro a gonaki a yau yana yin irin aikin da fari ke yi a wannan lissafi?

Layin ƙarshe an ware shi da gangan, an sa masa suna. Tunanin ɗalibi abu ne mai kyau, amma idan ya cakuɗe da na marubuci, ranar jarrabawa zai jingina wa Moser maganar da bai yi ba.

Layin iyaka

Yarinyar ta so ta goge layin iyaka don ta samu wuri, na hana. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, kuma hanyoyi ukun da maƙalar ta zayyana har yau ana muhawara a kansu. Amma maƙalar 1995 ba ta san da cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ba, ba ta san da sakin canjin naira da aka yi a watan Yuni na shekarar ba. Ɗalibin da ya ɗauki adadinta ya ɗora a kan farashin yau ya ɗora mata kayan da ba nata ba.

Ma'aunin kansa ma yakan canja. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da hauhawar watan Disamban 2024 a matsayin kashi 34.80 cikin 100, ta watan Janairun 2025 kuma kashi 24.48. Ba kaya ne suka yi arha cikin wata ɗaya ba. Hukumar ce ta sabunta kwandon kayan da take aunawa da nauyin kowanne, ta mayar da shekarar tushe daga 2009 zuwa 2024. Duk maƙalar da aka taƙaita, a rubuta shekarun da alƙalumanta suka shafa da irin ma'aunin da ta yi amfani da shi, don kada a gwama awon mudu biyu daban a ce ɗaya ne.

Gwada shafin

Shafi ba ya gamuwa sai an gwada shi ta hanya biyu. Ta farko, a ɗauki kowace jimla ta sakamako a nuna wurin da ta fito a maƙalar. Jimlar da ba a samu gidanta ba, ko dai a cire ta, ko a mayar da ita ƙarƙashin ra'ayina, ko a rubuta cewa ƙarin bayani ne. Ta biyu, a ba wanda bai taɓa ganin maƙalar ba ya karanta, ya maimaita da bakinsa. Inda ya yi tuntuɓe, nan ne gyara yake.

Mu a wannan daren, mahaifiyarta muka samu a tsakar gida tana tsince shinkafa. Yarinyar ta karanta mata shafin a hankali. Da ta gama, mahaifiyar ta ce, "To, na ji. Kuɗi sun yi yawa kaya ba su ƙaru ba, naira ta faɗi, damina ta ƙi. Kuma na farkon ne babba, shi ke ƙara wa na biyun zafi." Sai ta tambayi dalilin da ya sa rediyo ke cewa hauhawa ta ragu alhali shinkafar da ke gabanta ba ta rage ko kwabo ba. 'Yarta ta ɗauki mudun da ke gefen tabarma, ta fara da naira 1,000, ba tare da ta sake duba takarda ba.